Tambayar da ke zuwa da amsarta a hannu: yadda ake tsara takardar jin ra'ayin masu sauraro

A shekarar 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Norbert Schwarz da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Jamus. Sun tambayi mutane awa nawa suke yi suna kallon talabijin a rana. Sai dai sun raba mutanen gida biyu, kowane rukuni da irin jerin amsoshin da aka ba shi ya zaɓa. Jerin rukuni na farko ya fara daga "rabin awa ko ƙasa da haka", yana hawa da rabin awa rabin awa, har ya tsaya a "fiye da awa biyu da rabi". Na rukuni na biyu kuwa daga "awa biyu da rabi ko ƙasa da haka" ya fara, ya ƙare a "fiye da awa huɗu da rabi". Da aka ƙirga, kashi 16 cikin 100 na rukunin farko ne suka ce kallonsu ya wuce awa biyu da rabi. A rukuni na biyu, kashi 37 da rabi ne suka faɗi haka.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mutum ba ya riƙe da agogo in ya zauna gaban talabijin, don haka in aka tambaye shi sai ya yi ƙiyasi, kuma abin da ke gabansa shi yake jingina da shi. Yana duban jerin, sai ya ɗauka abin da ke tsakiya shi ne kallon yawancin mutane, na can ƙarshe kuma na wanda ya wuce gona da iri ne. Wanda yake ganin kansa matsakaici sai ya nufi tsakiya, ko nawa aka rubuta a wurin. Ta haka ne wanda ya tsara takardar ya ninka adadin masu yawan kallo fiye da sau biyu, tun bai fita daga ofis ba.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin nan wuri ne da rediyo ke da gindin zama. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, kuma tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa. Mai talla yana so ya san kunne nawa kuɗinsa zai kai gare su. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin shirin lafiya ko na noma tana son shaidar cewa an ji, an kuma amfana. Ɗalibin aikin jarida ma sai ya raba takardar tambayoyi kafin ya rubuta kundin kammala karatu. Dukkansu lambobi suke nema, lambobin nan kuwa daga bakin tambaya suke fitowa.

A ƙaddara wata tashar rediyo ce tana da shirin noma da take sawa sau ɗaya a mako, ran Alhamis bayan sallar isha'i. Shugaban sashen shirye-shirye ya zauna ya rubuta tambayoyi huɗu. Ta farko: "Kana sauraren rediyo a kai a kai?" Ta biyu: "Kana sauraren shirinmu na noma mai farin jini?" Ta uku: "Ba ka ganin shirin yana ilimantarwa kuma yana nishaɗantarwa?" Ta huɗu: "Yaya ka ga shirin: madalla, yana da kyau ƙwarai, yana da kyau, ko ba laifi?" Wanda ya karanta su a guje ba zai ga aibu ba. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da za ta iya kawo labarin da tashar ba ta so ta ji, kuma wannan shi ne babban aibunsu.

Ta farkon ta fi kama da marar laifi, don haka ta fi bukatar a tsaya a kanta. Mene ne "a kai a kai"? Dattijon da ba ya rabuwa da ƙaramar rediyonsa daga asuba har ya kwanta zai ce e. Matashin da ba ya kunnawa sai ranar da ake sharhin ƙwallo shi ma zai ce e, domin a wurinsa duk mako ai a kai a kai ne. "Saurare" ma haka. Telan da rediyon maƙwabcinsa ke tashi a rumfa tun safe, da fasinjan da ya ji labarai a cikin adaidaita sahu, da matar da ke jin shiri ta wayarta tana girki, wasu za su ƙirga kansu cikin masu saurare, wasu za su ce ai ba su da rediyo. Wani mai bincike a Landan, William Belson, ya bi diddigin wannan matsala a littafin da ya fitar a 1981. Bayan an yi wa mutane tambayoyi kan talabijin, sai a koma musu a tambaye su abin da suka fahimta da kowace kalma. Ya gano cewa kalmomi na yau da kullum, irin su "yawanci" da "yara", kowa da fassarar da ya yi musu, kuma a mafi yawan lokuta abin da aka fahimta ya saɓa da abin da mai tambayar yake nufi.

Maganin ya daɗe da samuwa. BBC ta kafa sashen binciken masu sauraro a 1936 ƙarƙashin Robert Silvey, kuma daga ƙarshen 1939 ma'aikatansa suka riƙa fita kullum suna tambayar mutane abin da suka saurara jiya. Hikimar "jiya" ita ce tana neman abin da ya faru, wanda mutum zai iya tunawa, alhali "yawanci" tana neman mutum ya siffanta kansa, kuma kowa yakan siffanta kansa yadda yake so a gan shi. Don haka tambayar farko sai ta koma: "Jiya, daga tashinka da asuba zuwa kwanciyarka, ka ji rediyo ko da na ɗan lokaci ne, a akwatin rediyo, ko a waya, ko a mota, ko a wurin wani?" Ta yi tsawo, amma ba ta bar wa kowa ƙofar fassara ba. In kuma yawan saurare ake son sani, sai a ba da matakai masu iyaka. Afrobarometer, wadda ke jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999, har da Nijeriya da Nijar, tana tambayar sau nawa mutum ke samun labarai daga rediyo, ta ba shi zaɓi: kullum, 'yan lokuta a mako, 'yan lokuta a wata, ƙasa da sau ɗaya a wata, ko ko kusa.

Batun awa nawa kuwa, darasin Jamus ya isa gargaɗi. Gara a bi ranar jiya gaɓa gaɓa da ma'aunin da mutane ke rayuwa da shi: tsakanin asuba da hantsi, hantsi zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, har bayan isha'i. A kowace gaɓa a tambaya ko ya ji rediyo, da wace tasha. Manomin da ba zai iya cewa ya yi awa uku ba zai iya cewa ya kunna bayan magariba ya kashe da aka kira isha'i. Lissafin sai a yi shi a ofis.

Akwai wani tarko na musamman ga shirin da ake magana a kai. A lissafin da Bahaushe ya saba da shi dare yana gaba da yini, saboda haka "daren Juma'a" shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. In takarda ta ce "daren Alhamis", wani zai fahimci daren Laraba wayewar Alhamis, wani ɗan boko kuma ya fahimci Alhamis da dare. Sai a rubuta "ran Alhamis bayan sallar isha'i", a huta. Haka nan lokacin da aka fita aikin yana da tasiri: abin da za a samu a watan azumi, lokacin da tafsiri ya cika tashoshi, ba zai wakilci sauran watanni ba, kamar yadda sauraren manomi da damina ya bambanta da na rani.

Tambaya ta biyu laifi biyu ta ɗauko. Ta ce "shirinmu", wato ta sanar da mai amsa cewa mai shirin ne tsaye a ƙofar gidansa. Sannan ta ce "mai farin jini", wato duk wanda bai ji ba shi ne baƙauye. Wa zai kalli baƙon da ya yi masa sallama, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce masa bai taɓa jin aikinsa ba? Shi ya sa a aikin ƙwarai ba a aika ma'aikacin tashar, ba a sa riga ko hula mai tambarinta, kuma a gabatarwa akan ce bincike ne kan yadda mutane ke sauraren rediyo, ba tare da an ɗaga wata tasha sama da sauran ba. Afrobarometer takan rufe hirarta da tambayar wa mai amsa yake zaton ya aiko masu binciken, kuma mutane da yawa kan ce gwamnati ce, ko da yake an gaya musu tun farko ba ita ba ce. Mai amsa yana da nasa zaton game da wanda ke tambaya, kuma zaton nan yana shiga amsarsa.

Hanyar da ta fi ita ce a fara da buɗaɗɗiyar tambaya: "A kwana bakwai da suka wuce, waɗanne shirye-shiryen noma ka ji a rediyo?" Mai tambaya ya yi shiru, ya rubuta abin da aka ambata. Bayan nan ne zai karanto sunayen shirye-shirye na tashoshi daban-daban, nasu yana ciki, a ce masa e ko a'a. Amsar farko tana nuna shirin da ya zauna a zuciya, ta biyu tana nuna wanda aka gane in an tuna wa mutum, kuma ba a haɗa su wuri ɗaya a rahoto. Masu wayo kan cusa sunan shirin da babu shi a cikin jerin. Dalilinsu yana da tushe: a wani bincike da George Bishop da abokansa suka wallafa a 1980, an tambayi mutanen Cincinnati ta Amurka ra'ayinsu kan soke wata dokar 1975 wadda ba a taɓa yin ta ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suka ba da ra'ayi. In mutum goma cikin ɗari suka ce suna jin shirin bogi, to tashar ta san adadin da aka samu wa nata shirin ma yana da kumfa a kai.

Daga nan sai a tace. Wanda bai ji shirin ba, ba a tambayarsa ko yana da kyau, sai a tsallake da shi zuwa sashe na gaba. Wannan tacewa tana da tasiri har a lissafi. A ce an tambayi mutum 400, 120 suka ce sun ji shirin, 90 daga cikinsu suka ce ya gamsar da su. Gaskiya ne a ce kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka ji sun gamsu. Amma in aka rubuta "kashi 75 na jama'a", an zarce, domin 90 cikin 400 kashi 22 da rabi ne kawai.

Tambaya ta uku ita ce uwar masu sa wa mutum magana a baki. "Ba ka ganin…" a zancen Hausa neman goyon baya ne, kuma mai ladabi ba ya ƙin bayarwa. Ga kuma rikicin korewa: in aka ce wa mutum "ba ka ji shirin ba?", wani zai ce "e" yana nufin bai ji ba, wani ya ce "a'a" yana nufin abu guda, mai rubutawa kuma ya cika akwatin da ya ga dama. Sannan an ɗaure abu biyu da igiya ɗaya. Manomin da ya ƙaru da bayanin takin zamani amma yake ganin mai gabatarwa yana sa barci, me zai ce?

Kada a ɗauka sai da irin wannan ƙuru-ƙuru ake jan mai amsa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hotunan bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce musu "lokacin da motocin suka ragargaji juna" sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce musu "lokacin da suka taɓa juna" suka ce kusan mil 32. Bidiyon ɗaya ne. Tun kafin nan, a 1941, Donald Rugg ya ba da rahoton wani gwaji a Amurka kan jawaban sukar dimokuraɗiyya a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka bayyana ra'ayi, kashi 54 ne suka ce a hana, amma da aka juya tambayar ta zama ko a bari, kashi 75 suka ce kada a bari. Hanawa da rashin bari hukunci ɗaya ne, sai dai "hana" ta fi nauyi a baki, mutane kuma suna ja da baya daga gare ta. Wannan misali na biyu ya fi tayar da hankali, domin babu wanda za a zarga da son zuciya a kowace daga cikin tambayoyin biyu. Abin da mai tsara takarda zai iya yi shi ne ya ambaci ɓangarorin biyu a cikin tambayar, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa, kuma in zai maimaita binciken baɗi kada ya sauya ko kalma ɗaya, in ba haka ba ba zai san ko ra'ayi ne ya sauya ko tambaya ba.

Saboda haka ta ukun sai ta rabu biyu. Ɗaya: "Wasu na cewa suna koyon sabon abu a shirin, wasu na cewa abin da suka riga suka sani ake maimaitawa. Wanne ya fi kusa da ra'ayinka?" An nuna wa mai amsa cewa kowace amsa tana da mutanenta, ba zai ji kunyar zaɓar ta biyu ba. Batun daɗin saurare kuma ya samu tasa tambayar daban. In da hali a ƙara wadda ladabi ba zai iya amsa ta ba: "Faɗi abu ɗaya da ka ji a shirin na makon jiya." Wanda ya ce an yi bayanin tsutsar da ke cin masara ya saurara da gaske. Wanda ya ce "ai abubuwa ne masu amfani da yawa" mai yiwuwa gaisuwa kawai yake yi.

Saura ma'auni. Na tambaya ta huɗu kamar mudun da aka buga wa gindi ne: ko me aka zuba, awon mai shi zai fito. Matakai huɗu, uku yabo ne, na huɗun ma "ba laifi", wadda a bakin Bahaushe sau da yawa yabo ce mai kamun kai. Wanda shirin ya gundure shi ba shi da inda zai tsaya. Ma'auni mai adalci yana da matakan suka daidai da na yabo. Wanda aka fi sani shi ne mai matakai biyar da Rensis Likert ya gabatar a Amurka a 1932: na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba ko kaɗan. Yana da sauƙin lissafi, shi ya sa ɗalibai ke rububinsa. Amma yana da rauni sananne: in aka karanta wa mutum magana aka ce ya yarda ko bai yarda ba, akwai masu karkata ga yarda ko me maganar ta ƙunsa, musamman in suna ganin mai tambayar ya fi su ilimi ko matsayi. Ana gane haka in aka sa magana da kishiyarta a wurare daban-daban na takardar, misali "shirin ya yi tsawo" da "shirin ya yi gajarta", sai a tarar mutum ɗaya ya yarda da duka biyun. Gara a tambayi abin kai tsaye: "Tsawon shirin ya yi yawa, ya yi daidai, ko ya yi kaɗan?"

Likert ya yi ma'auninsa ne don masu karantawa da idonsu. A ƙauye kuwa, kai har a birni, yawanci karanta wa mutum ake yi, kuma riƙe matakai biyar a ka ba wasa ba ne. Bincike ya nuna cewa wanda ake karanta wa zaɓi yakan karkata ga na ƙarshen da ya ji, mai karantawa da kansa kuma ga na farkon da ya gani. Dabarar da ke aiki ita ce a raba tambayar hawa biyu. Da farko: "Shirin ya gamsar da kai, ko bai gamsar da kai ba?" In ya ce ya gamsar, sai a ce: "Ƙwarai, ko dama-dama?" In ya ce bai gamsar ba: "Ko kaɗan, ko da ɗan sauƙi?" An samu matakai huɗu ba tare da an ɗora wa kowa nauyi ba, wanda ya ce shi yana tsakiya kuma a rubuta masa haka. "Ban sani ba" akwatinta daban, domin wanda ya auna ya ga alheri da aibu sun yi kunnen doki ba ɗaya yake da wanda bai da abin cewa ba. Jerin sunayen tashoshi kuma a riƙa juya shi, kada tasha ɗaya ta zauna a ƙarshe kullum. Manhajojin waya irin su KoboToolbox da ODK suna iya yin wannan juyi da tsallaken tambayoyi da kansu.

Jerin tambayoyin ma yana magana. In aka shafe minti goma ana tambayar mutum kan shirin noma na tasha ɗaya, sannan aka ce wace tasha ya fi so, an riga an gaya masa amsa. Tambayoyin gama-gari su ke fara zuwa, na shirin su biyo baya, shekaru da sana'a da abin da ya shafi samu a bar su ƙarshe, lokacin da aka saba.

Duk wannan gyara a kan tebur ne, kuma bai isa ba sai an gwada. Kafin a buga ɗaruruwan takardu, a nemi mutum goma sha biyar zuwa ashirin irin waɗanda za a tambaya: maza da mata, tsofaffi da matasa, masu boko da marasa shi, tare da mata masu tambaya da za su iya shiga cikin gida. Bayan kowace amsa a yi irin abin da Belson ya yi, a ce: "Baba, da na ce shirin noma, wanne ka ɗauka nake nufi?" ko "Hajiya, in ke za ki yi wa maƙwabciyarki wannan tambaya, yaya za ki faɗe ta?" Alamun matsala ba sa ɓuya. In mai tambaya yana yawan cewa "wato abin da ake nufi", tambayar ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma kowane ma'aikaci zai yi mata nasa bayani a fili. In kusan kowa ya ba da amsa ɗaya, a zargi tambayar kafin a yi murna. In "ban sani ba" ta yi yawa, ana tambayar mutane abin da ba su da masaniya a kai. In amsoshi suka fara zuwa iri ɗaya a jere wajen ƙarshe, an gaji, takardar ta yi tsawo. Takardar da aka fassaro daga Turanci ko Faransanci ta fi bukatar wannan gwaji, kuma a rubuta Hausarta tun a ofis, kada a bar kowane ma'aikaci ya fassara a tsaye. Wadda ta yi aiki a Kano ma a sake gwada ta kafin a kai ta Sakkwato ko Damagaram.

Abu ɗaya ne tambaya mai kyau ba ta iya gyarawa, shi ne wa aka tambaya. Masu bugo waya a shiri da masu sharhi a shafin tashar masoyanta ne tun asali, kuma masu kati da waya a hannu. Ra'ayinsu yana da amfani, amma ba su ne jama'ar gari ba. Saboda haka tashar da ta fito da sakamako, ko ƙungiyar da ta biya kuɗin binciken, ya kamata ta buga tambayoyin yadda aka karanta su kalma da kalma, da zaɓin da aka bayar, da adadin waɗanda aka tambaya, da yadda aka zaɓo su, da watan da aka fita. Mai talla kuma ya nemi ganin waɗannan kafin ya sa hannu a kwangila.